PDF mai kod ɗin buɗewa da PDF mai hana bugawa ko kwafi: tambayoyin da aka fi yi mana a shago

Ina aikin buga takardu da fotokofi nan Maradi, kuma da wuya sati ya wuce wani bai shigo da waya ko kile a hannu ba yana cewa "Malam, fayil ɗin nan a kulle yake, buɗe mini". Sai na duba in iske kullen iri biyu ne da ba su da haɗi sai suna, ɗaya kulle ne na gaskiya, ɗayan kuma roƙo ne kawai. Na gaji da maimaita bayani ga kowa shi kaɗai, shi ya sa na tara tambayoyin nan wuri guda. Inda na ce kod, kalmar sirri nake nufi, ba dole lambobi ba.

1. Mi ne ne bambancin su biyun, a taƙaice?

Kod ɗin buɗewa kwaɗo ne a ƙofar ɗaki. In ba ka da makulli ba ka shiga, ba ka ganin ko layi guda, don abin da ke cikin fayil ɗin, rubutu da hotuna duka, an hautsina shi da lissafi ya koma tarkacen da babu mai iya karantawa sai da wannan kod. A Acrobat sunansa `Document Open Password`, wasu manhajojin kuma su ce `user password`.

Hana bugawa ko kwafi kuwa, ka san rubutun nan da ake yi da fenti jikin bango, "an hana zuba shara a nan"? To shi ne. Fayil ɗin yana buɗewa ga kowa ba tare da an tambaye shi komai ba, sai dai akwai wani ɗan rubutu a cikinsa da ke ce ma manhajar da ta buɗe shi, kar ki bar mutumin nan ya buga, kar ki bar shi ya kwafa. Manhaja mai kunya ta bi, marar kunya ta zuba shararta ta wuce. Shi ma wannan yana da kod ɗinsa, ana ce mishi `Permissions Password` ko `owner password`, ni ina ce mishi kod ɗin mai fayil, aikinsa ɗage hanin ko canza shi. Fayil guda yana iya ɗaukar ɗaya daga cikinsu, yana iya ɗaukar duka biyun.

2. Ƙaƙa zan gane wanne aka sa ma nawa?

Danna shi ka gani. In wani ɗan akwati ya fito yana neman kod kafin ka ga shafin farko, kod ɗin buɗewa ne, magana ta ƙare, ka je tambaya ta 7. In ya buɗe kana karantawa amma alamar firinta ta dushe ba ta dannuwa, ko ka zaɓi rubutu ya ƙi kwafuwa, to mai yiwuwa hani ne. Na ce mai yiwuwa don ƙin kwafuwa na da wasu dalilan daban, suna tambaya ta 9.

Don ka tabbatar, buɗe shi da Acrobat Reader a kwamfuta, za ka ga `(SECURED)` can sama kusa da sunan fayil in manhajar ta Ingilishi ce. Danna `Ctrl+D`, shiga `Security`, akwai jerin abubuwa kowanne da `Allowed` ko `Not Allowed` a gabansa, a kwamfuta mai Faransanci ma wurin guda ne, kalmomin ne kawai suka canza. Masu Linux kuma `pdfinfo` na nuna shi a layi ɗaya, kamar haka:

```
$ pdfinfo takarda.pdf
Encrypted: yes (print:no copy:no change:no addNotes:no algorithm:AES-256)
```

3. In ba a tambaye ni kod ba, mi ya sa ake cewa an ɓoye abin da ke ciki? Ai ga shi ina karantawa.

Nan ne mutane suka fi ruɗewa, kuma duk wanda ya gane wannan ya gane sauran. A tsarin PDF ba a iya sa hani sai an hautsina fayil ɗin, tare suke tafiya. Saboda haka ko fayil mai hana bugawa kaɗai, in ka leƙa cikinsa da manhajar rubutu tarkace za ka gani. To amma da wane kod aka kulle shi, tun da mai shi bai sa na buɗewa ba? Da kod na wofi, wato kod mai haruffa sifili. Kowace manhajar karanta PDF ta san da haka, da ka danna fayil abu na farko da take yi shi ne ta gwada wofin nan a ɓoye, in ya shiga sai ta buɗe maka shiru, in bai shiga ba shi ne take fito maka da akwatin neman kod.

Ka ga ke nan akwai kwaɗo a ƙofar, amma makullin na rataye jikin kwaɗon. Da manhaja ta buɗe, duk abin da ke cikin fayil ɗin ya zo hannunta a warware, dole ma ya zo, in ba haka ba da mi za ta nuna maka shafin? Daga nan bugawa ko ƙin bugawa ya rage ga wanda ya rubuta manhajar. Kuma wannan ba wani asiri ba ne da 'yan dandatsa suka tono, kamfanin Adobe da ya fito da PDF a 1993 shi da kansa ya rubuta a littafin ƙa'idojinsa cewa babu wani abu cikin ɓoyewar da ke tilasta hanin, masu rubuta manhaja ne aka bar ma amanar su girmama nufin mai fayil. Ƙa'idar ta zama ta duniya a 2008 da sunan ISO 32000, kowa na iya karanta ta ya rubuta tasa manhajar.

4. Mi da mi ake iya hanawa?

Hanin duka lamba ɗaya ce a cikin fayil, sunanta `/P`, kuma kamar layin makunnan wuta take, kowane makunni da abin da yake riƙe da shi. Akwai na bugawa, na gyara rubutu, na kwafin rubutu da hoto, na ƙara sharhi, na cike fom, na ciro shafi ko juya shi ko ƙara wani, akwai kuma na bai wa manhajar da ke karanta ma makafi damar karanta rubutun, wanda don Allah kar ka taɓa kashe shi.

Bugawa ce ke da makunni biyu, shi ya sa ake samun hali na tsakiya: an yarda ka buga amma da ƙaramin inganci, a Acrobat `Low Resolution (150 dpi)` ne. In takarda ta fito da haruffa masu gashi-gashi alhali a fuskar kwamfuta tas take, kuma tawada ba ta ƙare ba, duba wannan kafin ka zagi firinta. Na taɓa ɓata rabin yini ina goge tawa a banza.

5. A wayata ya ƙi buguwa, amma yaron maƙwabcinmu ya buga shi a kwamfutarsa ba tare da kod ba. Fasa shi ya yi?

Bai fasa komai ba, wataƙila ma bai san akwai hani ba. Manhajarsa ce ba ta kula. Acrobat Reader na bin hanin sau da ƙafa. Firefox kuwa mai karanta PDF ɗinsa yana da wani saiti `pdfjs.enablePermissions` wanda a kashe yake zuwa, ka ga ke nan hana kwafi ba ya dame shi. Okular na Linux ma gaba ɗaya akwati ya ajiye a saitinsa, `Obey DRM limitations`, ka ga dama ka bari ka ga dama ka cire. Ƙananan manhajojin waya kuwa kowacce da halinta, wata ta bi na bugawa ta manta na kwafi. Dalilin duk wannan yana tambaya ta 3.

6. Ni malamin lakol ne, na rubuta darussan shirin jarrabawa ina sayarwa ta WhatsApp. In na hana bugawa da kwafi, na tsare abina?

A'a Mushe, ba ka tsare ba. Bari in ba ka labarin wani abokin aikinka, ba zan faɗi suna ba. Ya rubuta darussan lissafi na shirin BEPC, shafi 64, ya kawo na shirya mishi, ya ce a hana bugawa a hana kwafi amma kar a sa kod ɗin buɗewa don iyayen yara ba su son wahala. Na faɗa mishi abin da ke tambaya ta 3, ya ce a dai sa. Yana sayarwa jikka guda, ka biya ya tura maka. Ba a yi wata ba sai ga wata yarinya ta shigo shagona da littafin nan a buge, an ɗinke shi da bango, tana son fotokofin shafi 10. Ya zo ransa a ɓace yana cewa an fasa mishi kod. Na zaunar da shi na ce duba, na buɗe fayil ɗinsa da wata manhaja, na buga shafin farko a gabansa, ban rubuta ko harafi guda na kod ba. Kuma abin da bai lura da shi ba tun farko ya fi wannan: hanin bai taɓa hana tura fayil ɗin ba. Wanda ya saya yana iya jefa shi cikin gurup mai mutum 200, kowa ya buɗe ya karanta a wayarsa kyauta, babu makunnin "kar a tura" a cikin `/P`, babu shi sam.

Ya ce to a sa kod ɗin buɗewa. Na ce wannan kulle ne na gaske, amma yana tsare ka ne daga wanda ba ka ba kod ba, shi kuwa mai saye dole ka ba shi, kuma yatsan da ya tura fayil shi zai tura kod a saƙo na biyu. Ko da an samu abin da ya toshe wannan duka, wanda ke ganin shafi da idonsa yana iya ɗaukar hoton fuskar wayarsa sau 64, ko ya ɗauko wata wayar ya ɗauki hoto.

Abin da muka yi a ƙarshe shi ne kowane mai saye da nasa kwafin, an rubuta sunansa a dushe a gicciye kan kowane shafi, ta bayan rubutun. Wanda ya ƙware yana iya goge shi, ban ce ba, amma uban yaron da ya san in littafin ya fita kasuwa da sunansa zai fita, sai ya yi tunani kafin ya tura. Mun bar hanin kwafi a kai don ba ya cin komai, mun ɗage na bugawa, don su masu biyan kuɗin da gaskiya su kaɗai yake wahalarwa, yaro na son ya yi lissafi a takarda da biro.

7. Na manta kod ɗin buɗewa. Za ku iya fasa mini?

Amsar na ga abu biyu, irin ɓoyewar da aka yi da kuma irin kod ɗin da ka zaɓa. Tsofaffin fayiloli na zamanin Acrobat na farko-farko suna da irin ɓoyewar da ake ce ma RC4, mai makulli 40 bit, makullan da za su yiwu duka-duka kusan biliyan 1,100 ne, yawa ne a ido amma kwamfutar yau tana iya bin su ɗaya bayan ɗaya har ta dace, ko mi tsawon kod ɗinka. Daga baya aka zo da RC4 mai 128 bit, sannan AES mai 128 a Acrobat 7, sannan AES mai 256 wanda shi ne a PDF 2.0 na 2017. Waɗannan ba a bin makullinsu, babu kwamfutar da za ta gama, sai dai a yi ta cankar kod ɗin kansa.

Cankar kuwa ga lissafinta. In lambobi 6 ka sa, miliyan ɗaya ne kacal za a gwada, kafin shayi ya tafasa an gama. In ranar haihuwa ce, shekara 100 duka kwana 36,500 ne da 'yan kai, wannan ma ba kod ba ne, gaisuwa ce. Lambar waya mai lambobi 8 irin tamu miliyan 100 ce, ita ma ba ta da nisa. Amma haruffa 12 da aka gauraya manya da ƙanana da lambobi ba tare da ma'ana ba, adadin ya haura 3 da sifili 21 a bayanta, a nan sai dai haƙuri. PDF ba ya toshewa bayan kuskure uku kamar katin waya, wanda ya samu fayil ɗin yana iya gwadawa dare da rana, shi ya sa tsawon kod ke da muhimmanci haka.

Saboda haka Alhaji, kafin a yi maganar fasawa: koma ga wanda ya turo maka ya sake turowa, duba saƙon da fayil ɗin ya zo ciki don sau da yawa an rubuta yadda kod ɗin yake, nemi asalin takardar ta Word in kai ka yi ta, duba ko kana da kod ɗin mai fayil don shi ma yana buɗewa kamar yadda ke tambaya ta 10, kuma karanta ta 8 don wataƙila ba mantuwa ba ce.

8. Na rantse kod ɗin daidai ne, amma ya ƙi shiga.

Duba kilabiye, wato maɓallan da kake rubutu da su. Wannan matsalarmu ce ta 'yan bakin iyaka: rabin kwamfutocin garin nan na Faransa ne masu `AZERTY`, rabi kuma sun shigo ta Jibiya da Ɗan Isa daga Katsina ko Kano masu `QWERTY`, wata ma maɓallan iri ɗaya ne amma saitin cikinta ɗayan ne. `A` da `Q` sun yi musanyar wuri, haka `Z` da `W`, `M` ta ƙaura, kuma a `AZERTY` lambobin layin sama sai an haɗa da `Shift`. Akwatin kod ɗigo-ɗigo yake nunawa, ba ka ganin abin da kake rubutawa. Wata Hajiya ta sa kod da kwamfutar ɗanta, tana ganin `amina123` ta rubuta, ashe abin da ya shiga wannan ne:

```
q,inq&é"
```

Dabarar ita ce ka rubuta kod ɗin a fili cikin `Notepad` ka gani da idonka, sannan ka kwafa ka liƙa. In bai shiga ba, canza saitin kilabiye zuwa ɗayan ka danna maɓallan da ka saba. Ka kuma lura da babban harafi da ƙarami, waya na son mayar da harafin farko babba da kanta, da kuma gurbin wofi da ke maƙalewa a ƙarshe in daga WhatsApp ka kwafo. Shawarata, kar ka sa ɓ, ɗ, ƙ, ƴ ko haruffan Faransanci masu alama cikin kod ɗin PDF, tsohon tsarin ɓoyewa bai san haruffanmu masu ƙugiya ba, kuma ko sabon ya karɓa, wanda ka tura mawa ba lalle yana da su a wayarsa ba.

9. Rubutu ya ƙi kwafuwa, amma na duba `Security` komai `Allowed` ne. Mi ke faruwa?

To ba hani ba ne, kuma babu kod ɗin da zai gyara shi. Galibi takardar an yi mata sikan ne ko an ɗauke ta hoto da waya, kowane shafi hoto ne guda, babu haruffa a ciki balle a kwafa. Gwada `Ctrl+F` ka nemi kalmar da kake gani ƙuru-ƙuru a shafin, in bai same ta ba hoto ne. Maganinsa OCR, manhajar da ke karanta hoto ta mayar da shi rubutu, sai ka bi bayanta da gyara don tana yawan mayar da ƙ ta zama k, ɗ ta zama d.

Akwai kuma wanda ke kwafuwa amma in ka liƙa sai shirme ya fito, ko haruffa masu ƙugiya su koma wasu alamomi. Wannan laifin irin haruffan da aka yi takardar da su ne, tsofaffin takardun Hausa da yawa an yi su da haruffan da aka zana ɗ a gurbin wata alamar daban, ido na ganin ɗ amma kwamfuta wani abu ta sani.

10. In na sa duka biyun, wanne ke yin mi? Zan iya sa kod iri ɗaya?

Mai kod ɗin buɗewa yana shiga amma hanin na kansa. Mai kod ɗin mai fayil shi ma yana shiga da nasa, ba ya buƙatar na buɗewa, kuma babu hani a kansa. Ka ga ke nan ƙofa biyu ce zuwa ɗaki guda, kuma ɓarawo ta mai rauni yake bi: in ka sa na buɗewa mai haruffa 15 sannan ka sa na mai fayil `1234` don kana ganin ai na bugawa ne kawai, to `1234` ne ƙarfin fayil ɗinka gaba ɗaya. Kod iri ɗaya kuwa Acrobat ba ya yarda, kuma da gaskiyarsa, don duk wanda ka ba na buɗewa ka ba shi na ɗage hani ke nan.

11. Ƙaƙa zan sa su, ba tare da na sayi manhaja ba?

A Word, wajen ajiye takarda a matsayin PDF shiga `Options` ka zaɓi `Encrypt the document with a password`, wannan na buɗewa ne kaɗai yake sawa. LibreOffice, wadda kyauta ce, tana da duka biyun a `Export as PDF` ƙarƙashin `Security`. Acrobat Reader na kyauta karatu yake yi, ba ya sawa. Mu a shago `qpdf` muke amfani da ita, kod na farko a layin shi ne na buɗewa, na biyu na mai fayil:

```
qpdf --encrypt KODBUDEWA KODMAIFAYIL 256 --print=none --extract=n -- asali.pdf kulle.pdf
```

In takardar ta sirri ce, kwangila, takardar likita, lissafin kuɗin kasuwanci, na buɗewa kake buƙata, da 256, da kod mai tsawo. Kuma kar ka tura kod ɗin ta hanyar da ka tura fayil ɗin, in fayil ya tafi ta imel kira mutumin ka faɗa mishi da baki. Sunan fayil ba ya ɓoyuwa, kar ka rubuta sirrin a can. Ka ajiye asalin marar kod wuri mai aminci, saboda tambaya ta 7.

12. Ina tura dosiye ta intanet, shafin ya ce ba ya karɓar fayil mai kariya, alhali yana buɗewa lafiya lau.

Ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo masu neman ƙaro karatu waje suna yawan zuwa da wannan. Ka tuna tambaya ta 3, fayil mai hani kaɗai shi ma a hautsine yake ta ciki, kuma wasu shafukan da sun ga alamar ɓoyewa sai su ƙi, ba ruwansu da ko akwai kod ko babu. Wasu kuma PDF/A suke nema, irin na ajiyar dogon lokaci, wanda ƙa'idarsa ta haramta ɓoyewa gaba ɗaya. Haka in kana son haɗa takardu biyar su zama fayil guda, Acrobat zai tsaya kan mai hanin ya nemi kod ɗin mai fayil. In takardar taka ce kuma ka san kod ɗinta, ga yadda ake fitar da kwafi marar kulle:

```
qpdf --password=KODINKA --decrypt kulle.pdf bude.pdf
```

Sai dai a kula da abu guda. In takardar na ɗauke da sa hannu na lantarki, irin wanda Acrobat ke nuna wani layi a sama yana cewa an sa hannu, to sake rubuta fayil ɗin yana lalata sa hannun, don sa hannun an lissafa shi ne kan fayil ɗin yadda yake, ko ɗigo ya canza ba zai yi daidai ba. Ka samu fayil mai shiga shafin amma wanda zai duba ya ga alamar an taɓa takardar, wannan ya fi ƙin karɓa muni. Irin wannan koma ga ofishin da ya ba ka ka roƙi wanda babu kariya.

13. Shafukan intanet masu cewa suna cire kod kyauta fa? Kuma ku a shago kuna cire ma kowa?

Abin da shafukan nan ke yi cikin daƙiƙa biyu shi ne cire hani, wato su buɗe da kod na wofi su sake ajiyewa, abin da layin `qpdf` na tambaya ta 12 ke yi a kwamfutarka ko babu intanet. Ka ba su mai kod ɗin buɗewa na gaske ka gani, ko dai su ce ka rubuta kod ɗin, ko su gwada sanannun kod su dawo su ce a biya kuɗi ba tare da alkawari ba. Kuma ka tuna tura musu fayil ɗin kake yi, takardar bankinka ko hoton fasfo ɗinka sun tafi kwamfutar wanda ba ka san shi ba, in ka rubuta musu kod ka haɗa musu da makullin. Don littafin addu'o'i ba komai, don takardar filinka a'a.

Mu kuma a shago ga yadda muke yi. In takardarka ce, sunanka ne a kai, ko fom ne da aka turo maka don ka cike amma wanda ya shirya shi ya kulle cikewar bisa kuskure, muna yi maka nan take. In littafin wani ne da yake sayarwa, ya rubuta kar a buga, ba mu bugawa, ko da mun san dannawa biyu ce, rashin ƙarfin hanin bai mayar da guminsa namu ba. Sai ka kira shi a gabanmu, in ya ce a buga mu buga. In kuma fayil ne mai kod ɗin buɗewa da sunan wani a kai, kana cewa na yayanka ne ya yi tafiya Kwanni ya manta bai ba ka ba, ai waya na shiga Kwanni, ga kujera, kira shi.